Kafin a ce mai ya yi tsada, a tambaya: wane sashe na kuɗin ne ya motsa?

Duk lokacin da aka wayi gari an ga farashin man fetur ya tashi, bayani iri biyu ake ji. Hukumomi su ce kasuwar duniya ce, babu yadda za su yi. Jama'a kuma su ce masu gidajen mai ne suka haɗa baki don su cuci talaka. Kowane ɗaya cikin biyun yakan zama gaskiya wani lokaci, amma ni ra'ayina shi ne duka biyun suna barin mai saye cikin duhu, domin suna maganar farashin lita kamar abu ɗaya ne dunƙule. Alhali kuɗin da kake miƙawa a gidan mai tarin kuɗaɗe ne guda biyar ko shida da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, kowanne da abin da ke motsa shi. Ruwa ba ya tsami banza. In farashi ya tashi, to akwai sashen da ya motsa, kuma ana iya gane shi da lissafin da bai fi ƙarfin ɗan makarantar sakandare ba.

Sashe na farko, wanda a mafi yawan ƙasashe shi ne mafi girma ko na biyu a girma, shi ne kuɗin ɗanyen mai. Ana sayar da ɗanyen mai ne a kan ganga, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe da dalar Amurka ake yi. Farashin da ake ambata a labarai, wato Brent, sunan wani nau'in mai ne daga Tekun Arewa da ke tsakanin Birtaniya da Norway, wanda 'yan kasuwa suka mai da shi ma'auni. Sauran nau'o'in mai ana yi musu farashi ne da ɗan ƙari ko ɗan ragi a kansa, gwargwadon ingancinsu da nisan inda za a kai su.

Me ke ɗaga wannan farashi? Duniya tana shan kimanin ganga miliyan 100 kowace rana, kuma abin da ake haƙowa yana tafiya ne kusan kai da kai da abin da ake sha. Matsalar ita ce ɓangarorin biyu duk ba sa saurin lanƙwasa. In mai ya yi tsada yau, direban babbar mota ba zai ajiye motarsa gobe ba, jirgin sama ba zai daina tashi ba, manomi ba zai bar injin ban ruwansa a kashe ba. A ɗaya gefen kuma, sabuwar rijiyar mai, musamman ta cikin teku, tana cin shekaru kafin ta fara bayarwa. Saboda haka ƙaramin giɓi yana haifar da babban tashi. In ganga miliyan biyu ko uku suka ɓace daga kasuwa, wato kashi biyu ko uku cikin ɗari kawai, masu saye za su yi ta ƙara wa juna farashi har sai wasu sun haƙura sun janye, kuma tun da janyewar ke da wuya, farashin kan yi nisa kafin a kai wurin.

Tarihi ya nuna wannan sau da yawa. A shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A watan Yulin 2008 ta kai dala 147, bayan shekarun da buƙatar China da sauran ƙasashe masu tasowa ta yi ta ƙaruwa. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Ukraine, Brent ya haura dala 120, saboda Rasha tana cikin manyan masu fitar da mai uku na duniya kuma masu saye suka ji tsoron rasa nata kason. Abin yana juyawa ta ɗaya fuskar ma: a watan Afrilun 2020, da annobar korona ta tsai da motoci da jirage, mai ya yi yawa har wurin ajiya ya kusa ƙarewa, farashi ya faɗi warwas, ƙungiyar OPEC da ƙawayenta suka yanke kusan ganga miliyan 10 daga abin da suke haƙowa kullum don su tallafo shi.

Akwai abin da ke ba mutane haushi a nan, kuma na fahimci dalilin haushin. Sau da yawa farashi yana tashi tun kafin ganga ko ɗaya ta ragu. Dalili shi ne ana cinikin mai ne yau don a kawo shi bayan wata ɗaya ko biyu, don haka abin da ake saye da sayarwa hasashen gobe ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha yana ratsa Mashigin Hormuz ne, wani siririn ruwa tsakanin Iran da Oman. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin rikici a wajen, masu matatu sukan yi gaggawar kulle kayansu na wata mai zuwa, kamfanonin inshora su ƙara kuɗin jiragen dakon mai, farashi ya ɗaga. Tsoro kaɗai ya isa sanadi.

Sashe na biyu shi ne tacewa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Ba a zuba ɗanyen mai a mota. Sai an kai shi matata an dafa shi an raba shi zuwa fetur da dizal da kananzir da man jirgin sama da sauransu. Kowanne daga cikin waɗannan yana da tasa kasuwar da nasa farashin, kuma tazarar da ke tsakanin kuɗin ɗanyen mai da kuɗin tataccen ita ce ladan matata. In matatu sun yi kaɗan, ko an rufe wasu don gyara, ko bala'i ya tsai da su, tazarar nan tana faɗaɗa ko da ɗanyen mai bai motsa ba. Haka ya faru a Amurka a 2005, lokacin da guguwar Katrina ta rufe matatun gaɓar Tekun Mexico. Haka kuma a 2022 dizal ya fi fetur tashi a wurare da yawa, saboda Turai ta dogara sosai da dizal ɗin Rasha, ga shi kuma an rufe wasu matatu a lokacin annoba ba a sake buɗe su ba. Wannan shi ne amsar mai tambayar yadda za a yi labarai su ce ɗanyen mai ya sauka, shi kuwa dizal yana nan a sama.

Daga nan sai dako: kuɗin jirgin ruwa, inshora, sauke kaya a tashar jiragen ruwa, ajiya a manyan tankuna, da tankokin da ke kai man gidajen mai. Wannan sashe ba shi da girma sosai a wurin da ke kusa da teku ko matata, amma yana ƙaruwa da nisa, shi ya sa ƙasashen da ba su da gaɓar teku da garuruwan da ke can ciki suke saye da ɗan tsada. Ribar mai gidan mai tana nan a ƙarshen layi, kuma a kasuwar da ake gasa ta gaske ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lita.

Sauran sassa biyu su ne na fi so mai karatu ya riƙe, domin su ne ke hannun ƙasa ba hannun duniya ba: canjin kuɗi, da kuma haraji ko tallafi. Hanya mafi sauƙi ta ganin ƙarfinsu ita ce a yi lissafi. Mu ɗauki wata ƙasa ta misali da ke shigo da tataccen mai daga waje. Alƙaluman da zan yi amfani da su na misali ne, na zaɓe su don sauƙin lissafi, amma tsarin haka yake a ko'ina.

A ce ganga tana dala 80. Raba 80 da 159, lita ɗaya ta ɗanyen mai ta kama kimanin santi 50, wato rabin dala. A ƙara santi 10 na tacewa da santi 5 na jirgin ruwa da inshora. Lita ta iso tashar jiragen ruwa a kan santi 65. Yanzu sai canji. A ce dala ɗaya tana daidai da 100 na kuɗin ƙasar, ke nan litar ta zama 65 a kuɗin gida. A ƙara 10 na ajiya da dakon cikin gida da ribar dillali da mai gidan mai, a ƙara 15 na harajin da gwamnati ta sa a kan kowace lita, an sami 90. A bisa wannan kuma akwai harajin ciniki na kashi 10 cikin ɗari, wato 9. Mai mota zai biya 99.

To, ga yaƙi ya ɓarke wani wuri, ganga ta tashi daga dala 80 zuwa 100. Litar ɗanyen mai ta koma santi 63, in an haɗa da tacewa da jirgi ta zama santi 78, wato 78 a kuɗin gida. A ƙara 25 ɗin nan na dako da riba da haraji, 103, a ɗora kashi 10, an kai 113. Ka lura da abin da ya faru: ɗanyen mai ya tashi da kashi 25 cikin ɗari, amma farashin gidan mai ya tashi da kashi 14 kawai, domin sauran sassan ba su motsa ba. Daga nan ana iya fitar da wata ƙa'ida mai amfani a riƙe a ka: duk ƙarin dala 10 a kan ganga ƙarin kimanin santi 6 ne a kan lita, kafin haraji. In wani ya ce maka ganga ta ƙaru da dala 10 shi ya sa lita ta ninka, to maganar ba ta cika ba, akwai wani abu da bai faɗa ba.

Yanzu mu mai da ganga dala 80, mu bar ta nan, babu yaƙi babu guguwa. Amma kuɗin ƙasar ya rage daraja, dala ta koma 130 maimakon 100. Litar nan ta santi 65 ta zama 84 da rabi a kuɗin gida. A ƙara 25, a ɗora kashi 10, mai mota zai biya wajen 120. Farashi ya tashi da fiye da kashi 20 cikin ɗari alhali kasuwar duniya ba ta yi ko gezau ba. In kuwa abubuwan biyu suka haɗu, ganga dala 100, canji 130, lita za ta kai 139, wato ƙarin kashi 40. Kuma sukan haɗu ɗin, domin ƙasar da ke sayo mai daga waje tana buƙatar ƙarin dala idan mai ya yi tsada, yawan neman dalar kuma yana ƙara karya kuɗinta. Sri Lanka ta ga mafi munin wannan a 2022: ajiyarta ta kuɗin waje ta ƙare, ta kasa biyan jiragen da suka kawo mai, mutane suka riƙa kwana a layi, har aka koma raba mai da ƙayyadadden kaso.

Wannan lissafin yana amsa tambayar da aka fi yi da ɗaci: me ya sa in ɗanyen mai ya sauka ba ma ganin saukar? A misalinmu, in yaƙi ya lafa ganga ta dawo dala 80 amma canji ya tsaya a 130, lita za ta sauko daga 139 zuwa 120 ne, ba za ta koma 99 ba. Farashin ɗanyen mai yana hawa yana sauka, amma kuɗin ƙasar da ya faɗi ba kasafai yake komawa inda yake ba. Mutumin da ke jiran farashin da ya sani a da yana jiran abin da kasuwar mai ba za ta iya ba shi ba, sai dai babban bankin ƙasarsa da yadda gwamnatinsa ke tafiyar da kuɗi.

Ba ina wanke 'yan kasuwa ba ne. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura a ƙasashe da dama cewa farashin gidan mai yana saurin bin ɗanyen mai in zai hau, yana jan ƙafa in zai sauka. Ɓangare ɗaya na wannan yana da hujja: mai gidan mai da ya ji cewa tankar gobe za ta zo da tsada dole ya ƙara yau, in ba haka ba kuɗin da zai tara ba zai sayi wata tankar ba. Amma hujjar nan ya kamata ta yi aiki ta fuska biyu. Wanda ya ƙara farashi a kan tsohon kaya saboda na gobe zai yi tsada, in na gobe zai yi araha sai ka ji ya ce bari tsohon kaya ya ƙare tukuna. Abin da ke tilasta shi saukowa shi ne maƙwabcinsa ya riga shi ragewa, masu motoci su koma can. Inda kamfani ɗaya ko biyu ne ke shigo da mai ko tace shi, ko gidajen mai suka yi ƙaranci, wannan matsi ba ya nan, kuma a nan ne zargin jama'a yake da tushe. Alamar da za a duba ita ce: ganga ta sauka, canji bai motsa ba, haraji bai canja ba, makonni sun wuce, farashi yana nan. A irin wannan hali tazarar tana shiga aljihun wani ne a tsakiya, kuma aikin hukumar da ke sa ido ne ta gano ko wane ne.

Haraji shi ne ya sa ƙasashe biyu da ke sayen mai a kasuwa ɗaya suke da farashi mai tazara sosai. A ƙasashen Turai da yawa, haraji ya kai kusan rabin abin da ake biya a kan litar fetur, a Amurka kuwa kasonsa ƙarami ne, shi ya sa mai ya fi araha a can. Norway tana haƙo mai da yawa tana fitarwa, amma man fetur ɗinta yana cikin mafi tsada a duniya, saboda ta zaɓi ta ɗora masa haraji mai nauyi. Wannan ya nuna cewa samun rijiyar mai a ƙasa ba ya nufin mai zai yi araha. Gangar da za a iya sayar wa ƙasar waje dala 100, in aka ba matatar gida ita a dala 60, akwai dala 40 da wani ya yafe, kuma wanin nan baitulmali ne. Ana iya yanke shawarar yafewa, amma a san cewa an yafe.

Tallafi shi ne haraji a juye. Gwamnati ta ce lita ba za ta wuce kaza ba, ita za ta cike giɓin. Mu koma misalinmu. A ce an ƙayyade lita a 80 lokacin da ainihin kuɗinta 99 ne, giɓin 19 ne. Ganga ta tashi, canji ya lalace, ainihin kuɗin ya kai 139, giɓin ya zama 59. In ƙasar tana shan lita miliyan 10 a rana, nauyin ya tashi daga miliyan 190 zuwa miliyan 590 kullum, ya ninka sau uku ba tare da mai mota ya ga canji a gidan mai ba. Gwamnati ta fara cin bashi ko ta jinkirta biyan masu shigo da mai, su kuma su rage kawowa. Daga nan layi ya bayyana, mai ya koma kasuwar bayan fage, wani kuma ya tsallaka iyaka zuwa inda ya fi tsada. Ranar da aka kasa ɗauka aka janye tallafin, lita ta yi tsalle daga 80 zuwa 139 cikin dare ɗaya. Mai saye yana ganin ƙarin sama da kashi 70 cikin ɗari a rana guda, alhali tashin ya taru ne a hankali cikin watanni ko shekaru, an ɓoye shi kawai. Indonesiya ta yi irin wannan a watan Satumbar 2022, ta ƙara farashin man da take tallafawa da kusan kashi 30 cikin ɗari bayan kuɗin tallafin ya yi wa kasafinta nauyi, aka kuma yi zanga-zanga a birane.

Ba na cikin masu cewa tallafi laifi ne a kowane hali, ba na kuma cikin masu ganin janye shi a matsayin jarunta. Tsadar mai ba ta tsayawa a kan mai mota. Tana bin dizal ta shiga kuɗin dakon kaya, ta shiga kuɗin mota, ta shiga duk abin da aka ɗauko daga gona ko masana'anta, kuma wanda ba shi da ko keke yana biyan ta. Talaka ya fi jin ta, domin mafi yawan abin da yake samu a abinci da sufuri yake ƙarewa. Gaskiya ne cewa mai motoci uku ya fi cin gajiyar tallafin lita fiye da mai tafiya a ƙasa, amma wannan hujja ce ta a sauya hanyar taimakon, a shirya ta kafin a janye, a kuma yi janyewar mataki-mataki. Gwamnatin da ta janye tallafi dare ɗaya ba tare da ta tanadi komai ba ta sauke nauyin shekarun da ta yi tana jinkiri a kan mutanen da ba su da hannu a jinkirin.

Abin da nake ganin kowace ƙasa ya kamata jama'arta su nema, ko akwai tallafi ko babu, shi ne a riƙa buga yadda aka gina farashin lita a fili, sashe-sashe, a kan lokaci. Wannan ba sabon abu ba ne. Afirka ta Kudu tana sauya farashin fetur a ranar Larabar farko ta kowane wata, tana kuma bayyana nawa ne ya zo daga kasuwar duniya, nawa daga canjin kuɗinta, nawa daga haraji. Kenya ma hukumarta ta makamashi tana fitar da sabon farashi a tsakiyar kowane wata tare da bayanin kuɗin da man ya iso da shi. Wannan bai sa mai ya yi araha a ƙasashen biyu ba, mutanensu suna kuka da tsada kamar kowa. Amma ministan da harajinsa ne ya ƙara farashi ba zai iya ɗora laifin a kan yaƙin wata nahiya ba, dillalin da ya faɗaɗa ribarsa kuma ba zai iya ɓoyewa a bayan dala ba, tun da alƙaluman suna gaban kowa.

Inda ba a buga irin wannan bayani, mai karatu zai iya yin rabin aikin da kansa. Farashin Brent ana faɗarsa kullum a labaran kasuwanci, canjin dala kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Ka ɗauki farashin ganga na watan jiya da na yau, ka raba kowanne da 159, ka ninka da canjin lokacinsa. Bambancin da ka samu shi ne abin da farashin ganga da canji suka ƙara a kan sashen ɗanyen mai na lita, ban da abin da canji ya ƙara a kan tacewa da jirgi, ban da kuma harajin ciniki. In ƙarin da ka gani a gidan mai ya yi kusa da wannan, to bayanin hukuma ya tsaya da ƙafafunsa. In ya zarce shi da nisa, sai a duba ko an taɓa haraji, ko an rage tallafi, ko wata babbar matata ta tsaya. In duk babu ɗaya cikin waɗannan, ragowar tana wurin masu shigo da man da masu rarraba shi, kuma su ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su kira su kawo takardun kuɗin da suka sayo shi.